Yadda ake zaɓa tsakanin alawar tsotso, maganin feshi da ƙwayar kashe zafi in maƙogwaro ya kama

Duk wanda ya taɓa tashi da asuba ya haɗiyi yawu ya ji kamar reza ce ke sauka a wuyansa ya san cewa a lokacin nan ba ka da wani tunani sai na abin da zai kashe zafin yanzu-yanzu. To matsalar ita ce in ka je wurin mai magani abubuwa uku za ka tarar, alawar tsotso wadda ake ce wa lozenji, da maganin feshi, da kuma ƙwayoyi irin su farasitamol da ibufurofen, kuma kowanne a jikin kwalinsa an rubuta yana maganin ciwon maƙogwaro. Gaskiya ne suna yi, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake warkar da ciwon. Zafi kawai suke danne maka kafin jikinka ya gama yaƙinsa. Ni dai ga yadda nake bi.

Mataki na 1: kafin ka sayi komai, leƙa maƙogwaron

Ka tsaya gaban madubi, ka kunna fitilar waya, ka buɗe baki ka ce "aaa", in harshe ya tare maka ka danne shi da bayan cokali mai tsabta. Sannan ka shafa gefen wuyanka ƙarƙashin muƙamuƙi ka ji ko akwai kaluluwa mai zafi. Minti ɗaya ya isa.

Yawancin ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi, irin na mura, kuma shi wannan yakan zo da ƙannensa, wato majina, tari, atishawa, murya ta ɗan dishe. Ciki za ka ga ya yi ja kawai. Irin wannan yana tafiya da kansa cikin kamar mako guda, kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu wahala, kuma antibayotik ba ya yi masa komai ko kwali nawa ka shanye. Wannan shi ne ciwon da abubuwan nan uku suka dace da shi.

Amma in ka ga zazzaɓi ya haura 38, ga fararen ɗigo-ɗigo ko ruwan mugunya a kan tonsil, wato 'yan tsokar nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, ga kaluluwa mai zafi a gaban wuya, kuma babu tari sam, to wannan haɗin yana nuna ƙila bakteriya ce, wadda ake kira sitiref. In uku ko huɗu daga cikin alamomin nan sun haɗu maka, za ka iya shan ƙwayar kashe zafi, amma ka je a duba ka, musamman in yaro ne ɗan shekara 5 zuwa 15, don a shekarun nan ne sitiref ɗin da ba a yi wa magani ba yake iya komawa ya taɓa gaɓoɓi da zuciya.

Akwai kuma alamomin da in ka gan su ba zancen zaɓen alawa ko feshi ake ba, asibiti za a tafi a lokacin. Numfashi yana wahala ko yana fita da wani ƙugi. Mutum ya kasa haɗiye ko yawunsa har yana dalala. Baki ya ƙi buɗuwa sosai, murya ta toshe kamar ya cusa wani abu mai zafi a baki, gefe ɗaya ya kumbura har ya ture belu zuwa ɗaya gefen, wannan sau da yawa ƙurji ne ya tara mugunya a bayan tonsil kuma sai an zuƙe shi. Ko a ga wata fata mai ruwan toka ta lulluɓe maƙogwaro wuya kuma ya kumbura, wannan mashaƙo ake tsoro. Haka wanda ake yi wa maganin cutar daji ko yake shan kabimazol na maƙoƙo, shi ko ɗan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ya isa ya kai shi gwajin jini a ranar, saboda magungunan nan suna iya karya ƙwayoyin jinin da ke kare jiki.

Mataki na 2: ka tambayi kanka wane irin zafi ne

Nan ne zaɓin yake gaba ɗaya. In ƙaiƙayi ne da bushewa, kana jin kamar ƙura ta maƙale kana ta gyaran murya, amma kana cin abinci lafiya jikinka kuma garau, alawar tsotso ta ishe ka. In zafin wuri ɗaya ne da kake iya nunawa da yatsa kuma haɗiya ce babbar matsalar, feshi ya fi. In kuwa zafin ya haɗa da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki, ko yana harbawa zuwa kunne, ko ya hana ka barci, to ƙwaya ce gindin maganinka, sauran biyun sai dai su zama 'yan rakiya.

Dalilin mai sauƙi ne. Alawa da feshi galibi inda suka taɓa suke aiki, kuma yawu yana wanke su. Ƙwaya kuwa ta jini take bi, tana isa cikin naman da ya kumbura, wurin da babu feshin da zai kai. Tana ɗaukar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ka ji ta amma tana riƙe ka awa 4 zuwa 6. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne mutum mai zazzaɓi ya wuni yana tsotson alawa ɗaya bayan ɗaya yana cewa ba ta aiki, alhali ba aikinta aka ba ta ba.

Mataki na 3: in alawa ce, juya kwalin ka karanta abin da ke ciki

Ba duk alawar maƙogwaro ce iri ɗaya ba fa, duk da a ido sun yi kama. Akwai mai mentol kawai, ita sanyi take sa maka kuma tana sa yawu ya yi ta zuwa yana jiƙa wurin, kuma gaskiya rabin amfanin kowace lozenji daga yawun nan yake. Akwai mai ɗan sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, za ka ga amilmetakiresol da dikulorobenzil a jiki, ita babba yana tsotson ɗaya duk awa 2 zuwa 3, kada ta wuce 12 a kwana ɗaya, kuma kar kalmar kashe ƙwayoyin cuta ta ruɗe ka, ba za ta maye gurbin antibayotik ba in sitiref ne. Akwai mai sa wurin ya yi dindiris, wato mai benzokain ko lidokain. Sai ta ƙarshe mai fulobifurofen miligiram 8.75, ita wannan ba alawa ba ce kawai, magani ce sosai, 'yar gidan su ibufurofen ce. Ɗaya duk awa 3 zuwa 6, iyaka 5 a kwana ɗaya, kada a wuce kwana 3, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12.

Yadda ake sha kuma yana da muhimmanci. Tsotsa ake yi a hankali har ta narke, in ka tauna ka haɗiye ka zubar da aikin. Ka riƙa juya ta a baki, musamman mai fulobifurofen, don in ka jibge ta a kunci ɗaya tana iya ɗaye maka wurin. Bayan ta narke ka ɗan jinkirta shan ruwa. Kar ka kwanta da ita a baki kana gyangyaɗi. Mai ciwon suga ya nemi marar sukari, amma ita ma marar sukarin in ka cika ta tana sakin ciki, wannan na koya da jikina wata rana da na shanye kusan kwali guda a hanyar tafiya, ba sai na ba da sauran labarin ba.

Yaro ƙasa da shekara 6 ba a ba shi alawar nan, ba don maganin kawai ba, don tana iya maƙale masa a hanyar numfashi.

Mataki na 4: in feshi ne, ka iya fesawa

Wanda aka fi samu shi ne mai benzidamin, yana rage kumburi yana kuma ɗan kashe wurin. Babba yana fesa sau 4 zuwa 8 a lokaci guda, duk awa ɗaya da rabi zuwa awa 3, kuma ba a wuce kwana 7 da shi. Akwai mai lidokain, akwai mai fenol wanda shi ake barinsa kamar daƙiƙa 15 sannan a tofar, shi ya sa kowanne sai ka duba takardarsa, kar ka ɗauki ƙa'idar wani ka ɗora wa wani.

In sabuwar kwalba ce ka fara matsa ta a iska har feshin ya fito sosai. Ka koma gaban madubi, buɗe baki, harshe ƙasa, ka saita bakin kwalbar kan wurin da ya yi ja, ka riƙe numfashi sannan ka matsa. Mutane da yawa harshensu suke fesawa sai ɗaci ya cika musu baki, harshe ya mutu, maƙogwaro kuma yana nan yadda yake. Wasu kuma sai su ja numfashi lokacin fesawa kamar na masu asma, su ƙware su yi ta tari. Ɗan raɗaɗi a farko ba komai ba ne yana wucewa.

Amfanin feshi babba shi ne saurinsa, cikin 'yan mintuna ka ji sauƙi, shi ya sa ya dace da wanda ya kasa shan ruwa saboda zafi ko wanda ya farka tsakar dare. Iyakarsa kuma ita ce ba ya daɗewa, kuma inda ido ke gani kawai yake kaiwa. In matsalarka can ƙasa take wurin murya, muryar ta dishe, feshi ba zai kai can ba, hutar da murya ne maganin. Sannan in wurin ya yi dindiris sosai ka guji abu mai zafi kuma kar ka yi gaggawar cin abinci mai tauri, za ka iya ƙona bakinka ko ka ciji harshe ko ka ƙware ba ka ji ba, ka fara da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tukuna. Wani abu da ba kasafai yake faruwa ba amma ya kamata a sani, benzokain yana iya hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata, in ka ga leɓe ko farce sun yi shuɗi-shuɗi ko toka bayan amfani da shi ga haki, asibiti kai tsaye. Saboda haka ne a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a sa wa yaro ƙasa da shekara 2 shi a baki.

Mataki na 5: in ƙwaya ce, farasitamol ko ibufurofen

Farasitamol shi ne na farawa ga kusan kowa, har mai ciki. Babba yana shan miligiram 500 zuwa 1000, wato ƙwaya ɗaya ko biyu, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kuma kada jimilla ta wuce miligiram 4000 a awa 24, ƙwaya 8 ke nan. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai yawan shan giya, nasa iyakar ƙasa da haka take, ya tambayi likita ko mai famasi.

Ibufurofen yana da ƙari ɗaya, yana rage kumburin kansa, shi ya sa in tonsil ya kumbura ya yi jajur mutane da dama sun fi jin sa. Miligiram 200 zuwa 400, har sau uku a rana, kada ka wuce 1200 in ba likita ne ya ce ba, kuma da abinci a ciki. Sai dai masu hana shi sun fi yawa: mai alsa ko wanda ya taɓa zubar jini a ciki, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, mai asmar da irin magungunan nan ke tayar masa, da mai ciki musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe. Ga kuma wani tarko da ya shafi ciwon maƙogwaro musamman, mutum ya kwana biyu bai ci ba bai sha ruwan kirki ba saboda zafin haɗiya, fitsarinsa ya yi ja ya ragu, sai ya ɗora ibufurofen a kan wannan bushewar, ƙoda ce ke shan wahalar. In kana cikin wannan halin ka tsaya a farasitamol har ka samu kana shan ruwa.

Babba mai lafiya zai iya haɗa biyun tunda ba gida ɗaya suka fito ba. Abin da ba a haɗawa shi ne 'yan gida ɗaya, ibufurofen da diklofenak da asfirin da alawar nan mai fulobifurofen, ɗaya kawai za ka zaɓa. Asfirin kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 saboda wata cuta da yake iya jawowa mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Bari in kawo yadda ta kaya da ƙanena

Namiji ne babba, kilo 70 da wani abu, ba shi da alsa ba shi da komai. Ya kira ni rana ta biyu murya a shaƙe. "Yaya, maƙogwaron nan zai kashe ni, na sha komai ya ƙi." Na ce to lissafa min komai ɗin. Ya ce farasitamol biyu-biyu, ya sha da asuba, da hantsi, da azahar, yana shirin na huɗu. Sai kuma ƙwayar mura da ya saya, ɗaya da safe ɗaya da rana. Sai alawa mai fulobifurofen da yake jefawa duk sanda ya tuna, ya kai bakwai, ga ibufurofen 400 da wani abokinsa ya ba shi.

Na ce ɗauko kwalin maganin muran ka karanto min. Yana karantawa sai ga farasitamol 500 a kowace ƙwaya. To mu yi lissafi, sau uku na biyu-biyu 3000 ke nan, ƙwayar mura biyu 1000, ya riga ya cika 4000 tun kafin la'asar, da ya sha na huɗun ya ƙara ta mura da dare da ya kai 5500. Ya ce "ai Yaya ni ban ji komai ba", na ce wannan shi ne mugun halin farasitamol ai, ranar farko ba ka jin komai, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara nunawa. Shi ya sa duk wanda ya tabbatar ya zarce iyaka ya je asibiti a ranar ko da yana jin garau, maganin da ke karya shi ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Shi Allah ya taimaka a kan layin ya tsaya, don haka muka rufe farasitamol har washegari, maganin muran muka ajiye shi gefe gaba ɗaya, alawar fulobifurofen ma haka tunda ya wuce biyar kuma ya haɗa ta da 'yar uwarta.

Na sa ya leƙa madubi, ja ne kawai, ba fari, yana tari yana majina, zafin jiki kaɗan. Bairos ke nan a bisa dukkan alamu. Daren nan da feshin benzidamin da ruwa mai ɗumi ya kwana. Washegari muka tsara abin a takarda: farasitamol biyu ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma, da 12 na dare in zafi ya tashe shi, ibufurofen 400 bayan karin safe da bayan abincin dare, feshi in haɗiya ta yi tsanani, alawa mai mentol zalla don tsakanin lokuta. Duk abin da ya sha ya rubuta lokacin, don mai zazzaɓi ba ya tuna ko ya sha ko bai sha ba. Rana ta huɗu ya daina ibufurofen, ta biyar ya daina komai sai alawar.

Mataki na 6: yara, da kuma sanin lokacin da za ka daina gwadawa

Yaro da nauyi ake auna masa, ba da ido ba. Farasitamol kamar miligiram 15 ne a kowane kilo, sau huɗu iyaka a kwana. Yaro mai kilo 20 miligiram 300 ke nan, amma ka duba kwalbar, in mai 120 a cikin mililita 5 ce zai sha mililita 12.5, in mai 250 a cikin mililita 5 ce mililita 6 kawai, kwalaben kuma sun yi kama sosai. Da sirinji ko cokalin da ya zo da maganin ake aunawa. Yaro mai ƙarambau kar a ba shi ibufurofen.

Ga babba kuma, ka ba tsarin nan kwana 3. In zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko zafin ya tattare a gefe ɗaya, ko ƙuraje sun feso a jiki, ka je a duba. In mako ya cika ba sauƙi ma haka. In likita ya ce sitiref ne ya ba ka fenisilin ko amoksisilin, ka ci gaba da ƙwayar kashe zafinka a kwanakin farko don antibayotik ba ya kashe zafi nan take, kuma ka shanye kwanakin da aka rubuta maka, sau da yawa 10 ne, ko da ka ji sauƙi a na uku.

Sai mutanen da kullum akwai lozenji a aljihunsu wata da watanni. In kullum da safe ne maƙogwaron ke zafi ya lafa da rana, a duba ƙwarnafi mai hawowa da dare ko barci da baki buɗe saboda toshewar hanci, alawa ba ta taɓa ko ɗaya daga ciki. In kuma zafin ko dishewar murya ya haura mako 3, ko ana jin abinci yana tsayawa, ko akwai ƙulli a wuya da ya ƙi tafiya, musamman ga mai shan taba, wannan likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne zai zura 'yar kyamara ya gani da idonsa.